Abin da ya kamata ka sani kafin ka sayi waya saboda kyamararta

Duk wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko wani shagon waya a ko'ina, ya ce yana son mai kyamara mai kyau, amsar farko da zai ji lamba ce. Wannan hamsin ce, waccan ɗari da takwas, ga kuma mai ɗari biyu in aljihu zai ɗauka. Lambar ce aka buga da manyan haruffa a jikin kwali, 50MP ko 108MP, ita ce kuma mai shago ya haddace. Mai saye ya biya ya tafi gida. Da rana tsaka hotunan su fito fes. Da aka yi magariba, aka zauna a ɗaki da kwan fitila ɗaya, ya ɗauki yaransa, sai ga fuska ta dame, idanu sun narke, bango duk ƙuraje. Ya kuma ga wani da tsohuwar waya mai 12MP ya ɗauki hoton nan a wuri ɗaya, nasa ya fi fita.

Mai shagon bai yi ƙarya ba, lambar gaskiya ce. Sai dai ba kyawun hoto take aunawa ba. Abin da ya fi yanke hukunci a kan hoto, musamman inda haske ya yi ƙaranci, shi ne yawan hasken da kyamarar ta iya tarawa. Shi kuma wannan yana hannun abubuwa biyu da ba kasafai ake rubuta su da manyan haruffa ba: girman sensa da faɗin ƙofar da haske ke shiga ta cikinta.

Me megafiksel ke ƙirgawa?

Hoton waya ɗigo-ɗigo ne aka jera, kowane ɗigo da launinsa. Ɗigo ɗaya shi ne fiksel, miliyan ɗaya kuma megafiksel. Hoton da ke da ɗigo 4000 a kwance da 3000 a tsaye yana da ɗigo miliyan 12, shi ne 12MP. Iyakar abin da lambar ke faɗa ke nan: gida nawa aka raba hoton. Ba ta ce komai a kan ko abin da ke cikin kowane gida tsaftatacce ne ko gurɓatacce.

Sai mu tambayi kanmu, ɗigo nawa muke amfani da su a zahiri? Fuskar waya mai 1080 da 1920 ɗigo miliyan 2 da ɗoriya take nunawa. Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi, masu 720 da 1600, ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Talabijin ɗin 4K, wanda ake ganin ya kai maƙura, miliyan 8.3 ne. Idan ka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, ba tare da ka zaɓi HD ba, manhajar za ta matse shi ya koma wajen miliyan 2. Idan wanke hoton za ka yi, ma'aunin masu ɗab'i na aiki mai kyau shi ne ɗigo 300 a kowane inci. Da wannan lissafin, hoto mai inci 4 da 6 irin na albam yana buƙatar miliyan 2.2, cikakken shafin A4 kuma miliyan 8.7. Wato 12MP ta riga ta wadatar da kusan duk abin da mutum zai yi da hotonsa, har da ragowa.

Shi ya sa kamfanin Apple ya zauna a kan 12MP tun daga iPhone 6s a 2015 har zuwa iPhone 13 a 2021, hotunansa kuma suna ta ƙara kyau shekara bayan shekara. Lambar ba ta motsa ba, abin da ke bayanta ne ya yi ta girma.

Sensa, inda hasken ke sauka

A bayan gilashin kyamara akwai wani ɗan faranti na silikon, a yawancin wayoyi bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Shi ne sensa. An yanka fuskarsa zuwa miliyoyin ƙananan gidaje, kowane gida yana tara hasken da ya faɗo masa ya mayar da shi lantarki, waya ta auna ta ce wurin nan haske kaza ne.

Ka ɗauke shi kamar gonar gado. Ko magada goma sha biyu suka raba ta ko hamsin, gonar ba ta ƙara ko taƙi ɗaya ba, ruwan saman da zai zuba a kanta kuma ɗaya ne. Yawan magada rabon kowa yake ragewa. Mai son amfanin gona ya ƙaru, sai ya nemi gona mai faɗi. Megafiksel shi ne yawan magadan, girman sensa shi ne faɗin gonar.

Dalilin da ya sa yawan haske ke da wannan nauyi yana cikin yanayin hasken kansa. Haske ba ya zuba sumul, ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, kuma ba a kan tsari ba. Gidaje biyu da ke maƙwabtaka, suna kallon bango mai launi ɗaya, ba za su sami ƙwayoyi daidai wa daida ba. Idan kowane gida yana samun ƙwaya 100 a matsakaici, bambancin da ke tsakaninsu zai riƙa kaiwa wajen 10, wato kashi 10 cikin ɗari. Idan kuwa ƙwaya 10,000 yake samu, bambancin zai kai wajen 100, amma wannan kashi 1 ne kacal cikin ɗari. Wannan bambancin shi ne ƙurajen nan da kake gani a hoton dare, kamar an watsa masa rairayi. Ba lalacewar waya ba ne, ƙarancin haske ne. Ƙa'idar kuma ba ta canzawa: in ka ninka hasken sau huɗu, ƙurajen su ragu da rabi.

Da rana tsaka haske ya yi yawa har ya yi ambaliya, ƙaramin sensa da babba duk sun ƙoshi, shi ya sa kusan kowace waya ke yin abin kirki a filin Allah. Bambanci yana fitowa ne a ɗaki, a zauren biki, a masallaci da asuba, ko a daren da aka ɗauke wuta aka kunna fitila mai caji.

Ana rubuta girman sensa da wata irin lamba mai rikitarwa, kamar 1/2.76" ko 1/1.56" ko 1/1.3". Gado ne daga bututun gilashi na kyamarorin talabijin na da, kuma incin da ake nufi ba incin awo ba ne. Sensa da ake kira mai inci ɗaya, daga kusurwa zuwa kusurwa milimita 16 ne ko kusa da haka, ba 25 ba. Abin riƙewa a nan ɗaya ne: duk lokacin da lambar da ke ƙasan layin ta yi ƙanƙanta, sensa ya fi girma. 1/1.56" ya fi 1/2.76" nesa ba kusa ba.

Akwai hanyar da ta fi wannan daidai, kuma kowa zai iya yin ta da kalkuletan wayarsa. A jerin bayanan kyamara akan rubuta faɗin fiksel ɗaya da alamar µm, wato maikiron, kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ka ninka wannan lambar da kanta, sannan ka ninka da yawan megafiksel. Abin da ya fito shi ne faɗin sensa a murabba'in milimita.

Bari mu gwada da sensoci uku na gaske, duka masu 50MP. Samsung yana da ISOCELL JN1, wanda ya fito a 2021 ya cika wayoyi masu sauƙin kuɗi. Fiksel ɗinsa 0.64µm ne. Ninka 0.64 da kanta ya ba ka 0.41, sau 50 ya zama murabba'in milimita 20 da rabi. Sony yana da IMX766, shi ma 50MP, amma fiksel ɗinsa 1.0µm, don haka faɗinsa 50. Sai IMX989, mai inci ɗaya, wanda ya fara fitowa a Xiaomi 12S Ultra a 2022, fiksel ɗinsa 1.6µm, faɗinsa 128. A jikin kwali duka ukun 50MP za ka gani. Amma na biyu yana tara haske kusan ninki biyu da rabi na na farko, na uku kuma ya haura ninki shida.

Yanzu ga sirrin tsohuwar wayar nan da ta kunyata sabuwa. Google Pixel 3 ta 2018 tana ɗauke da sensa mai 12.2MP, fiksel ɗinsa 1.4µm. Ninka 1.4 da kanta ya ba ka 1.96, sau 12.2 ya kai kusan 24. Sensan wayar 2018 mai 12MP ya fi na sabuwar waya mai 50MP da JN1 faɗi. Ga ta kuma da manhajar sarrafa hoto da aka ɓata lokaci a kanta. Babu abin mamaki idan ta yi gaba da dare.

In haka ne, me ya kawo hamsin da ɗari da takwas?

A nan akwai abin da masu waya da yawa ba su lura da shi ba. Wayarka mai 50MP, a yadda take ɗaukar hoto kullum, ba hoton miliyan 50 take ba ka ba. Tana haɗa gidaje huɗu maƙwabtan juna su zama ɗaya, ta fitar da hoton miliyan 12 da rabi. Mai 48MP tana ba da 12, mai 64MP tana ba da 16. Mai 108MP yawanci tara-tara take haɗawa ta dawo 12, mai 200MP kuma tana iya haɗa sha shida-sha shida ta dawo 12 da rabi. Buɗe wani hoto a wayarka, ka danna Details ko Info, za ka ga lambobi irin 4080 × 3072. Ninka su ka gani. Kamfanonin da kansu sun san 12 ta isa, ita suke ba ka.

Haɗa gidajen dabara ce mai amfani. Fiksel 0.64µm guda huɗu in suka haɗu suna aiki kamar ɗaya mai 1.28µm. Amma ka lura, haɗawar ba ta ƙara wa sensa faɗi ba. Jimillar hasken da ya sauka a kai yana nan yadda yake.

Kuma ko da ka shiga ka zaɓi cikakken 50MP ko 108MP da hannunka, ba za ka samu ninki huɗu ko tara na bayyanar abubuwa ba, saboda dalilai biyu. Na farko launi. Gidan fiksel ba ya gane launi, ƙarfin haske kawai yake aunawa, sai an ɗora masa matatar ja ko kore ko shuɗi. Tsarin da aka saba, wanda Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya ƙirƙiro a shekarun 1970, yana ba kowane fiksel tasa matatar dabam da ta maƙwabcinsa. A waɗannan sensoci masu yawan megafiksel kuwa, gidaje huɗu ko tara ne ke zaune ƙarƙashin launi ɗaya, don haka bayanin launin na hoton miliyan 12 ne, sauran waya ce ke cikewa da ƙiyasi.

Na biyu shi ne iyakar gilashin. Haske in ya ratsa ƙaramar kafa yakan ɗan bazu, ko da gilashin ba shi da aibi ko kaɗan. A kyamara mai f/1.8, ɗigon haske mafi ƙanƙanta yana sauka a kan sensa a matsayin tabo mai faɗin kusan 2.4µm. Fiksel 0.64µm kusan huɗu ne za su jeru a cikin wannan tabo guda. Ga shi kuma gilasan kyamarar waya yawanci na roba ne da aka zuba a maƙera, kuma a waya mai araha ba su kai wannan matsayin na rashin aibi ba, musamman ta gefe-gefen hoto. Ƙara yanka sensa ƙanana-ƙanana bayan wannan iyaka yana ƙara nauyin fayil fiye da yadda yake ƙara abin gani.

Duk da haka a yi wa megafiksel adalci. A rana mai haske, da hannu a tsaye cak, cikakken 50MP na sensa mai kyau yana fitar da ƙananan abubuwa fiye da 12MP: rubutun allo daga nesa, zaren saƙar hula, aikin wuyan babbar riga. Yana kuma ba da damar a yanko tsakiyar hoton a samu zuƙowa ninki biyu ba tare da hoton ya fashe ba, domin tsakiyar sensa mai 50MP ita kaɗai miliyan 12 da rabi ce. Sannan sau da yawa babbar lamba tana zuwa ne da sensa mai ɗan girma. ISOCELL HM6 mai 108MP fiksel ɗinsa 0.64µm ne, daidai da na JN1, amma da yake gidajen sun ninka, faɗinsa ya kai 44. Idan waya mai 108MP ta fi mai 50MP ɗin nan fita da dare, faɗin 44 ɗin ne ya yi aikin. Ƙananan fiksel ba laifi ba ne a karan kansu, ƙaramin sensa ne matsala.

Ƙofar haske

Kafin haske ya isa sensa sai ya bi ta gilashi, kuma faɗin kafar da yake bi shi ake rubutawa f/1.8, f/2.2, f/2.4 da sauransu. Lambar tana fitowa ne daga raba tsawon zuƙowar gilashin da faɗin kafar, shi ya sa nan ma abin a juye yake: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Kuma bambancin ya fi yadda ido ke gani a lambar, domin sai an ninka ta da kanta. Tsakanin f/1.8 da f/2.4 kamar ba wani abu, amma 1.8 sau 1.8 ya ba da 3.24, shi kuwa 2.4 sau 2.4 ya ba da 5.76. Raba babbar da ƙaramar ka samu kusan 1.8. Wato f/1.8 tana shigar da haske kusan ninki biyu na f/2.4. Daga f/1.4 zuwa f/2, daga f/2 zuwa f/2.8, kowane mataki rabin hasken ne ke tafiya.

A kyamarorin masu sana'ar hoto ana buɗe ƙofar a rufe yadda ake so. A waya kuwa kusan kullum a kafe take, yadda aka ƙera ta haka za ta zauna. 'Yan kaɗan ne suka fita daga wannan, kamar Galaxy S9 ta 2018 da ke sauyawa tsakanin f/1.5 da f/2.4.

Abin da ya kamata a kiyaye shi ne lambar ƙofa ita kaɗai ba ta isa ba. Tana faɗa maka ƙarfin hasken da ke sauka a kan kowane murabba'in milimita na sensa, ba jimillarsa ba. Yau kusan kowace waya, mai tsada da mai araha, babbar kyamararta tana tsakanin f/1.6 da f/1.9, don haka mai talla zai iya nuna maka f/1.8 ya ce daidai take da ta manyan wayoyi. Ƙofa ɗaya ce a lamba, amma wata tana haska fili 20 ne, wata 128. Sai an haɗa biyun: ka ɗauki faɗin sensa, ka raba shi da lambar ƙofa da aka ninka da kanta. Abin da ya fito ba shi da wani suna, amfaninsa kawai kwatanta waya da waya.

Samsung da kansa ya taɓa nuna wannan a fili. Galaxy S6 ta 2015 tana da 16MP, fiksel 1.12µm, ƙofa f/1.9. Da aka zo S7 a 2016 sai aka rage zuwa 12MP, aka faɗaɗa fiksel zuwa 1.4µm, ƙofa ta koma f/1.7. Faɗin sensa ya tashi daga wajen 20 zuwa wajen 24, ƙofar kuma ta ƙara kashi ɗaya cikin huɗu na haske. A haɗe, sabuwar tana tara haske kusan ninki ɗaya da rabi na tsohuwar, alhali lambar jikin kwali ta ragu da miliyan huɗu.

Wayoyi uku a kan tebur

A ce kana da zaɓi uku, kuɗinsu bai yi nisa da juna ba. Ta farko 50MP, 0.64µm, f/1.8. Ta biyu 108MP, 0.64µm, f/1.9. Ta uku 50MP, 1.0µm, f/1.8, kuma an rubuta mata OIS.

Ta farko faɗinta 20.5, raba da 3.24, ka samu 6.3. Ta biyu faɗinta 44, raba da 3.61, ka samu 12.2. Ta uku faɗinta 50, raba da 3.24, ka samu 15.4. Mai bin lambar kwali zai ɗauki ta biyu, ya ce ta farko da ta uku duk ɗaya ne. Lissafin haske kuwa ya sa ta uku a gaba, ta farko can baya.

Me wannan ke nufi a ɗakin da yaro ke wasa ƙarƙashin kwan fitila ɗaya? Kyamara tana buɗe ido na ɗan lokaci ta rufe. Idan haske ya yi kaɗan, zaɓi biyu gare ta. Ko ta daɗe a buɗe, sai duk abin da ya motsa ya ja jela ya dame. Ko ta rufe da wuri ta ƙara wa ɗan abin da ta samu ƙarfi, abin da ake kira ɗaga ISO, sai ƙuraje su fito. A ce waya ta farko tana buƙatar kashi ɗaya cikin 20 na daƙiƙa kafin ta tara hasken da zai ba da hoto mai tsafta. Ta uku za ta tara daidai wannan a wajen kashi ɗaya cikin 50. A ɗaya cikin 20, yaron da ya juya kai ya riga ya dame, hannun mai ɗauka ma ya ɗan girgiza. A ɗaya cikin 50, akwai kyakkyawan zaton fuskar za ta tsaya.

Idan ƙurajen suka yi yawa, waya ba ta barinsu haka, tana goge su. Gogewar ce ke tafiya da gashin gira, da zanen atamfa, da ƙananan layukan fuska, ta bar fata sumul kamar an shafe ta da man kaɗe. Wannan ita ce babbar alamar ƙaramin sensa da ya sha wahala. Ka zuƙo hoton dare ka dubi gashi ko saƙar yadi. In sun narke sun zama kamar fenti, haske ne bai isa ba, ko megafiksel nawa aka rubuta.

OIS ɗin da ke ta uku wata 'yar na'ura ce da ke motsa gilashi ko sensa don ta soke rawar hannu, ta bai wa kyamara damar daɗewa a buɗe. Tana taimakawa ƙwarai a kan abin da ke tsaye, kamar gini ko kaya a kan tebur. Ba ta iya tsayar da yaro mai gudu ko masu rawa a wurin biki. Haka ma Night mode, wanda ke ɗaukar hotuna da yawa a jere ya haɗe su: yana cike giɓin ƙaramin sensa sosai in babu motsi, amma da zarar mutane suna kai da kawo, sai a koma ga wanda ya fi tara haske a ƙiftawa ɗaya.

Babban sensa ma yana da nasa cikas, kuma ya dace a faɗa. Idan sensa ya girma ƙofa kuma ta faɗaɗa, zurfin wurin da ke fita tar yana raguwa. Wannan yana ƙawata hoton mutum, bayansa ya dushe shi ya fito. Amma mai ɗaukar takarda, kamar takardar shaidar makaranta ko rasit, zai iya ganin tsakiya ta fito gefe ya dushe in ya matso da yawa. Irin waɗannan kyamarori kuma ba sa kama abin da ya yi kusa sosai. Maganin shi ne ka ja da baya kaɗan, ka daidaita wayar da fuskar takardar, in ya so ka zuƙo ninki biyu.

Lissafin nan kuma ba ya auna manhajar da ke sarrafa hoton. Wayoyi biyu masu sensa iri ɗaya suna iya ba da hoto mabambanci, domin kowane kamfani da yadda yake daidaita launi da haske. Ga mu masu baƙar fata wannan ba ƙaramin abu ba ne: wata wayar takan bar fuska cikin duhu in akwai farar riga ko taga a baya, wata kuma ta yi ta haskawa har mutum ya koma toka-toka. Wannan ido ne kaɗai ke gane shi.

Game da yawan idanun da ke bayan waya, kada su ɗauke maka hankali. A wayoyi masu sauƙin kuɗi, na biyu da na uku sau da yawa 2MP ne, na ɗaukar abu kusa-kusa ko na auna zurfi, kuma da wuya ka yi wani aikin kirki da su. Kusan duk hotunanka babbar kyamarar ce za ta ɗauka, ita za ka bincika.

Kwalin waya ba kasafai yake faɗin girman sensa ba. Kafin ka fita kasuwa, ka rubuta sunan wayar a shafin GSMArena, ka duba layin Main Camera. Yawanci za ka ga megafiksel, da lambar ƙofa, da girman sensa, da faɗin fiksel a jere, sai ka yi lissafin nan. In ka ga kamfani yana ta shelar megafiksel amma ko'ina an yi shiru a kan girman sensa, ka yi zaton ƙarami ne har sai ka ga akasin haka.

A shagon kuma kada ka yi gwaji a bakin ƙofa inda rana ke haskawa, can kowace waya gwana ce. Ka nemi izinin mai shago ka shiga lungun da ya fi duhu, ka goge gilashin kyamarar da gefen riga, ka sa wani ya tsaya yana ɗan motsa hannu ko juya kai, ka ɗauka da wayoyin da kake kwatantawa ba tare da filasha ba. Sannan ka tura hotunan ta WhatsApp a matsayin Document zuwa waya ɗaya don kada a matse su, kuma don kada bambancin fuskar wayoyin ya ruɗe ka. Ka zuƙo idanu, da gashi, da zanen rigar. Wadda ta riƙe waɗannan a cikin duhu, kuma ta bar wa mutum launin fatarsa na gaskiya, ita za ka biya wa kuɗi, ko da 12MP aka rubuta a kwalinta.